Lambobin Urdu da Debanagari a Rasit: Inda Ido Ke Yaudarar Mai Karatu

Manyan kamfanonin Indiya da Pakistan da lambobin boko suke buga takardun kuɗin kaya. A Indiya ma sashe na 343 na tsarin mulki ya ce da su gwamnatin tarayya za ta riƙa aiki. Amma rasit na hannu a kasuwar Lahore, ko fom ɗin ofis a Katmandu ta Nepal, yakan zo da lambobin gida. Wahalar ba ta cikin lambar da mutum bai sani ba, domin wannan zai tsaya ya tambaya. Wadda ta yi kama da abin da ya sani ita ke kai shi ta baro.

Debanagari shi ne rubutun Hindi da Nepalanci da Marati, kuma lambobinsa daga sifiri zuwa tara su ne ० १ २ ३ ४ ५ ६ ७ ८ ९. Sifiri da biyu da uku ba su da rikici. Amma ɗaya (१) kamar tara take a idon ɗan boko, huɗu (४) kamar takwas ce da aka buɗe mata kai, bakwai (७) kuwa sai ka rantse shida ce.

A ce rasit ya fito daga Katmandu, jimillarsa १,४७,०००. Mai gaggawa zai karanta 9,86,000, alhali 1,47,000 aka rubuta. Waƙafin ma ba kuskuren akawu ba ne. A can ana ware lambobi uku na ƙarshe, sannan a riƙa warewa bibbiyu, domin da lak suke ƙirga, wato dubu ɗari, da kuror, wato miliyan goma. Kuɗin nan lak ɗaya ne da dubu 47, wato rupi 147,000. Wanda ya ga waƙafi biyu ya ɗauka an kai miliyan ya ƙara wa kansa wani kuskuren. Sa'ar da aka yi, yawancin rasitai suna maimaita jimillar da kalmomi a ƙasa, kuma ya kamata a gwada biyun kafin a biya ko kwabo.

A saman wannan rasit ɗin an rubuta २०८१/०४/१५, wato 2081/04/15. Ba wai injin ya haukace ba ne. Nepal da kalandar Bikram Sambat take aikin hukuma, shekararta tana kamawa a tsakiyar Afrilu, kuma an saba fara rubuta shekara, sai wata, sai rana. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Disamba ana ɗebe 57 a sami shekarar miladiyya, daga Janairu zuwa tsakiyar Afrilu kuwa 56. To, 2081 a ɗebe 57 ya ba da 2024. Sai dai wata na huɗu a nan ba Afrilu ba ne, Sharawan ne, wanda a waccan shekara ya kama ranar 16 ga Yuli, saboda haka 15 ga wata ta faɗo ranar 30 ga Yuli, 2024. Tsawon watanninsu yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka lissafin ka zai iya ba ka shekara, amma ainihin rana sai an duba jadawali.

Ni da kwanan wata nake ba da shawara a fara, tun kafin a duba kuɗi. Wata ba ya wuce 12, shekara kuma an san kusan inda take, don haka nan ne za a gane yadda marubucin ke zana kowace lamba.

Lambobin Urdu sun fi kusa da wanda ya yi makarantar allo, amma a nan ma da sauran rina a kaba. Sifiri ɗigo ne kamar na Larabci, shida ma irin ta Larabci ce, mai kama da bakwai ta boko. Huɗu da biyar da bakwai ne suka bambanta: biyar ba da'ira ba ce, kamar zuciya take da aka kifa, bakwai kuma ta kwanta a gefe maimakon ta buɗe baki sama. A kwamfuta Urdu da Farisanci lambobi ɗaya suke rabawa, shi ya sa waya kan nuna shida da bakwai da zanen Farisa ko da takardar ta Urdu ce.

Rubutun daga dama yake tafiya, amma kowace lamba daga hagu ake karanta ta. A kwanan wata kuwa rana ce ke fara zuwa, don haka a rubutun Urdu a dama za ka same ta, shekara a hagu. Ƙaramar alamar da ke bin shekarar ita ce mai raba gardama: hamza (ء) na nufin miladiyya, harafin ha (ھ) na nufin hijiriyya.