Inshorar Mallakar Fili: Abin da Take Lamunta da Abin da Take Togacewa

Inshorar mallakar fili yarjejeniya ce da kamfani ke ɗaukar nauyin asarar mai saye idan aka gano naƙasu a asalin mallakar abin da ya saya. Ta samo tushe ne a jihar Fensilbaniya ta Amurka, bayan hukuncin shari'ar Watson da Muirhead a 1868, inda kotu ta ƙi ɗora wa mai binciken takardu alhakin asarar mai saye, saboda ba a same shi da sakaci ba. A 1876 aka kafa kamfanin farko a Filadelfiya. Bambancinta da inshorar gobara shi ne baya take dubawa: sau ɗaya ake biyan kuɗinta, kuma naƙasun da ya riga ranar yarjejeniya kaɗai take lamunta.

Wannan inshora ba ta yaɗu a Nijeriya ba, amma cinikin gona a Mahuta zai fito da ma'anarta. A ƙaddara manomi ya rasu ya bar kadada 10, magadansa kuwa 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya da ke aure a Funtuwa. A rabon gado, kowane namiji yana da kadada 4, mace tana da 2. Sai mazan suka sayar da gonar duka a kan Naira miliyan 10, suka shaida wa mai saye cewa babu wani magaji. Idan 'yar ta kai ƙara ta yi nasara, kamfani zai ɗauki kuɗin kare shari'ar, ya kuma biya asarar kasonta, wato kimanin Naira miliyan 2 idan ƙasar darajarta ɗaya. Haka hukuncin yake a kan sa hannun jabu da kuskuren rajista.

Togaciya tana farawa ne daga abin da mai saye ya sani. Da a ce ya san da 'yar ya ɓoye wa kamfani, to babu diyya. Haka nan, yawanci ana cire haƙƙin wanda ke riƙe da fili a zahiri, kamar mai noma gonar a kan jingina, domin zuwa gonar kaɗai ya isa ya bayyana shi. Rikicin iyaka ma ana cire shi matuƙar ba a yi safiyo ba.

Togaciya mafi nauyi ita ce ikon hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma sashe na 28 ya ba shi damar soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a. Irin wannan karɓewa, idan ta biyo bayan yarjejeniya, ba ta cikin lamuni. Diyyarta wajen gwamnati ake nema. Saboda haka, abin da za a iya lamunce wa manomin Mahuta haƙƙin zama ne a kan gonarsa, kamar yadda yake ranar da aka sa hannu.