Ƙara Kitso a Hoto: Daga Tsaga Ake Farawa

Makitsiya ba ta kama gashi sai ta fara tsaga shi da tsinke. Shi ma mai gyaran hoto a kwamfuta daga nan ya kamata ya fara, domin tsaga ce ke tona asirin kitson da aka liƙa.

A ce an kawo hoton wata budurwa da ta taje gashinta ya yi tsaye, ana so a mayar da shi shuku a Photoshop. Kitso kwanciya yake yi a kan ƙoƙon kai, don haka sai an share tulin gashin tukuna, a cike gurbinsa da bangon hoton. Ga ma'aunin gano inda kai ya tsaya: idan babban mutum ya fuskanci kyamara, idanunsa suna kusan tsakiya ne tsakanin haɓa da ƙololuwar kai. Wanda ya ɗora kitso a kan tsohon gashi, kan zai fito kamar an kifa masa ƙwarya.

Daga nan sai a ja layukan tsaga a wani Layer daban. A shuku, kowace tsaga tana tasowa daga bakin gashi, ta lanƙwasa, ta nufi tsakar kai inda jelolin ke haɗuwa. Na gaban goshi su ne masu faɗi. Waɗanda suka gangara wajen kunne kuwa suna matsuwa, saboda kai ya juya. Launin tsagar a ɗebo shi daga goshin mai hoton da Eyedropper, sannan a sa siririyar inuwa a gefen kowane kitso da Multiply. Tsaga fara fat, mai kaifi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba ta kama da fatar mutum.

Kaurin kitso kuma daga faɗin tsaga yake fitowa, tunda gashin da ke tsakanin layuka biyu shi ake kitsawa. Fili ɗan siriri ba ya ba da kitso mai kauri sai da ƙarin gashi. Kitson yakan fara siriri a goshi, yana ƙara kauri yayin da ake ɗebo gashi. Na igiya uku saƙarsa tana shiga juna daga dama da hagu, shi kuwa murɗaɗɗe mai igiya biyu gefe guda yake karkata. Idan daga wani hoto aka yanko kitson, a lanƙwasa shi da Warp ya bi kan, a kuma tabbatar ƙyallinsa yana ɓangaren da haske ya bugi fuska.

A ƙarshe a zana 'yan silin gashi da suka kuɓuce a bakin goshi da gaban kunne, a ƙara Add Noise kaɗan don kitson kada ya fi fuskar tsabta. Sai a juya hoton da Flip Canvas Horizontal a sake dubawa, domin tsagar da ta karkace nan take za ta bayyana.