Alkiblar Haske a Aikin Ɗora Fuska Kan Wani Hoto

Hoto shimfiɗaɗɗen abu ne, ba shi da tudu ba shi da kwari. Haske da inuwa ne ke nuna wa ido cewa hanci ya ɗago, gurbin ido kuma ya lotsa. Shi ya sa duk fuskar da aka yanko daga wani hoto takan taho da hasken wurin da aka ɗauke ta.

A ɗauki misalin mutumin da aka ɗauka a ɗaki, taga tana hagunsa. Kuncinsa na hagu zai yi haske, inuwar hanci ta kwanta dama. Sai a ɗora fuskar nan a kan jikin da aka ɗauka a fili da rana tsaka. A hoton filin, hasken daga sama yake sauka: kafaɗu sun haskaka, hula ta jefa inuwa a goshi, ƙarƙashin haɓa ya yi duhu. Da an haɗa su, jiki na nuna rana a bisa kai, fuska na nuna ta a gefe. Mai kallo zai ji kan bai zauna a wuyan ba, ko da ya kasa faɗin dalili. A baƙar fata abin ya fi fitowa, domin sheƙin goshi da na kunci yana nuna inda fitila take ƙarara.

Kaifin hoto bai kai nan ba. Ido ya saba ganin wani sashe tangaran, wani dishi-dishi, a hoto guda, tunda kyamara ba ta kama na kusa da na nesa daidai wa daida. Gyaransa kuma da sauƙi: idan fuskar ta fi jikin kaifi, ɗan `Gaussian Blur` da `Add Noise` a Photoshop sun isa. Haske kuwa ya riga ya bi kowane lungu na fuskar, mayar da shi wani ɓangare ya fi wuya.

Don haka gwani yakan duba inuwar hanci da ta haɓa tun kafin ya yanka, sannan ya leƙa ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido. In ɗigon yana sama ta hagu a idon sauran mutanen hoton, nan ya kamata ya kasance a sabuwar fuskar. Da irin wannan saɓani masu binciken hotunan jabu, irin su Hany Farid, ke gano haɗi.

Idan bambancin hagu da dama ne kawai, `Flip Horizontal` na iya juya fuskar, sai dai tabo, tawadar Allah ko tsagar gado za su koma ɗaya kuncin, kuma dangi za su lura. Ƙaramin saɓani yana gyaruwa da `Dodge` da `Burn`, a ƙara haske nan, a zurfafa inuwa can. Amma in an ɗauki fuskar da filasha daga gaba, jikin kuma da hasken gefe mai ƙarfi, gara a nemo wani hoton, ko da bai kai na farko kaifi ba.