Ƙa'idar Famfo: Dabarar Zaɓen Kalmar da Za Ta Tona Asirin Na'ura

A ilimin kwamfuta, idan an ce "harshe" ba Hausa ko Larabci ake nufi ba. Ana nufin tarin kalmomi da aka gina da wasu 'yan haruffa bisa wani sharaɗi. A ɗauki haruffa biyu kacal, `a` da `b`. Duk kalmomin da adadin `a` ɗinsu ya rabu biyu cif harshe ne guda: `aa` da `baab` suna ciki, `ab` ba ta ciki. Tambayar da masana ke yi ita ce, wace irin na'ura ce za ta iya tantance kalmar da ke ciki da wadda ke waje?

Mafi sauƙin na'urori ita ce mai ƙidayayyun zanguna. Tana karanta kalma harafi bayan harafi, kowane harafi ya tura ta daga wani zango zuwa wani, ba ta da takardar rubutu, ba ta waiwaye. Abin da kawai ta sani shi ne zangon da take a yanzu. Harshen da muka ambata zango biyu ya ishe shi: ɗaya na "sun rabu cif", ɗaya na "akwai ragowa". Duk harshen da irin wannan na'ura za ta iya tantancewa ana ce masa regula.

Nuna cewa harshe regula ne ba wuya: ka gina na'urar, a gani. Nuna cewa ba regula ba ne shi ne jan aikin, domin sai ka tabbatar babu na'urar da za ta iya, ko zangunanta biyar ne ko miliyan. Makamin da aka fi koya wa ɗalibai don haka shi ne ƙa'idar famfo, wadda Michael Rabin da Dana Scott suka tabbatar a 1959, a takardar da ta jawo musu lambar yabo ta Turing a 1976.

Tushen ƙa'idar abu ne da duk mai kiwon tattabaru ya sani: tattabara shida a ramuka biyar, dole biyu su haɗu a rami ɗaya. A ce wani ya kawo na'ura mai zango 5, ya ce tana tantance kalmomin da `a` ke zuwa da farko sannan `b` su biyo daidai adadinsu. Mu ba ta `aaaaabbbbb`. Kafin ta karanta komai tana wani zango, bayan kowane `a` kuma tana wani, wato tsayawa shida ke nan a zanguna biyar. Dole ta taka wani zango sau biyu. A ce zangon da take bayan `a` na biyu shi ne ta komo bayan na huɗu. Ashe `aa` ɗin da ke tsakani zagaye kawai ya sa ta yi. Idan muka maimaita zagayen, muka ba ta `a` 7 da `b` 5, ba za ta ga bambanci ba, za ta karɓa kamar yadda ta karɓi ta farko. Ta karɓi abin da ba ya cikin harshen, saboda haka da'awar mai ita ta rushe.

Ƙa'idar ta tattara wannan hujja wuri guda. Ta ce idan harshe regula ne, akwai wata lamba `p`, wadda duk kalmar harshen da tsawonta ya kai `p` za a iya yanka ta gida uku, `x` da `y` da `z`, bisa sharuɗɗa uku:

```
|y| > 0
|xy| ≤ p
x y^i z ∈ L   (i = 0, 1, 2, ...)
```

Na farko ya ce `y` ba fanko ba ne. Na biyu ya ce `x` da `y` a haɗe ba su wuce haruffa `p` na farkon kalmar ba. Na uku ya ce ko sau nawa aka maimaita `y`, ko ma aka cire shi ɗungurungum, kalmar da ta fito tana nan cikin harshen. Maimaita `y` ɗin shi ne buga famfo.

Mai son ya nuna harshe ba regula ba ne dole ya san abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa. Lambar `p` ba shi ke zaɓa ba, abokin hamayyarsa ne, wato mai da'awar na'ura tana nan. Yankan kalmar ma na abokin hamayya ne, kuma zai yanka ta inda ya fi yi masa daɗi. Abu biyu kawai ke hannun mai hujja: kalmar da zai miƙa, da adadin bugun famfo, `i`. A cikin biyun, kalmar ce ke yanke hukunci, domin ita ke ƙayyade wuraren da abokin hamayya zai iya sa wuƙa.

Bari mu ga yadda abin ke lalacewa. Ga harshen duk kalmomin da `a` da `b` ɗinsu suka yi daidai a adadi, ko yaya aka jera su. Kalmar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce `ababab...`, wato `(ab)^p`. Tana cikin harshen, tsawonta ma ya zarce `p`. Amma abokin hamayya zai bar `x` fanko, ya ɗauki `ab` na farko a matsayin `y`. Maimaita shi sau ɗari, kowane bugu `a` ɗaya da `b` ɗaya yake ƙarawa, lissafi bai tashi ba. Cire shi, lissafi na nan daram. Ɗalibi da yawa a nan yake cewa ashe harshen regula ne. Ba haka ba ne. Kalmar ce ba ta dace ba, ta ba abokin hamayya ƙofar fita.

Yanzu mu miƙa `a^p b^p`, wato `a` guda `p` a jere, sannan `b` guda `p`. Sharaɗi na biyu ya ce `y` yana cikin haruffa `p` na farko, su kuwa duka `a` ne. Ko'ina ya sa wuƙa, `y` zai zama `a` zalla, a ce guda `k`, kuma `k` bai gaza 1 ba. Mu ɗauki `i = 2`. Kalmar ta koma `a` guda `p + k` da `b` guda `p`, ba su yi daidai ba, ta fita daga harshen. Babu yankan da ya tsira, saboda haka harshen ba regula ba ne. A lura cewa ba don sharaɗi na biyu ba, da abokin hamayya ya tsallaka tsakiyar kalmar ya ɗauki `ab` ɗin da ke mahaɗa, ya sha. Kyakkyawar kalma ita ce wadda ta cika haruffa `p` na farko da abu iri ɗaya, ta ajiye abin da za a gwada su da shi can nesa, inda wuƙa ba ta kaiwa.

Sai dai cika farkon kalma da harafi ɗaya kaɗai bai isa ba. Dubi harshen kalmomin da rabinsu na biyu maimaicin na farko ne, irin `abab` ko `bbabba`. Wanda ya miƙa `a^p a^p` ya cika farkon da `a`, amma bai bar alamar inda rabi ya ƙare ba. Abokin hamayya zai ɗauki `aa`, kowane bugu ya ƙara biyu, kalmar ta ci gaba da rabuwa gida biyu masu kama da juna. Gyaran shi ne a kafa turaku: `a^p b a^p b`. Bayan bugu ɗaya za a sami `a` guda `p + k`, sai `b`, sai `a` guda `p`, sai `b`. Tunda kalmar da `b` ta ƙare, dole kowane rabi ya ƙare da `b`, kuma `b` biyu ne kacal, don haka rabin farko a `b` na farko zai tsaya. Ga shi kuwa ya fi na biyu tsawo da `k`. Kalmar ta faɗi.

Wani lokaci kuma ƙari ba ya fasa komai, sai ragi. A harshen da `a` ke zuwa da farko kuma suka fi `b` yawa, ƙara `a` ba ya fitar da kalma daga ciki. Sai a ɗauki `i = 0`, a cire `y`. Amma ragin ba zai yi aiki ba sai kalmar tana bakin iyaka. Idan aka miƙa `a^(2p) b^p`, abokin hamayya zai yanki `a` ɗaya tak, a cire shi, saura su ci gaba da rinjaye. Idan kuwa aka miƙa `a^(p+1) b^p`, ratar ɗaya ce, cire ko `a` ɗaya ya shafe ta. Darasin shi ne a zaɓi kalmar da da ƙyar ta shiga harshen, wadda taɓawa kaɗan za ta jefo ta waje.

Akwai alamomin da ake gane gurguwar hujja da su. Idan ka ga an rubuta "a ce `p` biyar ne", an nuna gazawar ƙananan na'urori ne kawai, manya suna nan. Idan ka ga "mu ɗauki `y` ya zama `a` ɗaya", mai hujja ya karɓi wuƙar da ba tasa ba, ya bar sauran yanka ba a duba ba. Idan kalmar tun asali ba ta cikin harshen, ko tsawonta bai kai `p` ba, ƙa'idar ba ta yi alkawarin komai a kanta ba. Hanyar gwaji mafi inganci ita ce mai hujja ya koma kujerar abokin hamayya, ya nemi yankan da zai tsira da gaske. Idan ya samu, ya sake kalma.

Ƙa'idar tana da iyakarta. Tana iya kore harshe daga sahun regula, ba ta iya shigar da shi. Akwai harsunan da ba regula ba amma kowace doguwar kalmarsu tana ɗaukar famfo. Sanannen misali shi ne kalmomin `a^i b^j c^k` da sharaɗin cewa idan `a` ɗaya ne tak, dole `b` da `c` su yi daidai. Miƙa kalma mai `a` ɗaya, abokin hamayya ya yanki wannan `a` ɗin. A cire shi ko a ninka shi, sharaɗin ya daina hawa kanta, kalmar ta zauna lafiya. Irin wannan sai a koma ga ƙa'idar Myhill da Nerode ta ƙarshen shekarun 1950, wadda ke bambance regula da wanda ba regula ba ta kowane ɓangare.

Wannan lissafi yana da tasiri a aikin masu rubuta manhaja. Hujjar `a^p b^p` ita ce ke nuna cewa na'ura mai ƙidayayyun zanguna ba za ta iya duba ko kowace baka da aka buɗe an rufe ta ba, idan zurfin bakunan ba shi da iyaka: a sa buɗaɗɗiyar baka a madadin `a`, rufaffiya a madadin `b`. Shi ya sa manhajojin da ke fassara shirye-shiryen kwamfuta suke amfani da ƙaramar na'urar wajen tsinto kalmomi kawai, su bar duba bakuna da ginin jimla ga wata mai ma'ajiyar da ke iya tsawo.

Don haka, ɗalibi, kafin ka rubuta layin farko na hujjarka, tambayi kanka abin da na'urar za ta buƙaci tunawa wanda ba shi da iyaka, sannan ka gina kalmar da za ta tilasta mata tuna shi. Ka rubuta ta da `p` a jikinta, ka tabbata tana cikin harshen, ka cika farkonta da harafi ɗaya, ka kafa turaku inda ake bukata, ka ajiye ta a bakin iyaka. Idan ka yi haka, sauran hujjar ba za ta wuce layi uku ko huɗu ba.