Sakan Uku na Farkon Bidiyo: Yadda Mai Shagon Kayan Waya Zai Tsayar da Yatsan Mai Kallo

Bidiyon talla a TikTok ko Facebook ko Instagram ba ya samun wanda ya zo musamman don ya kalle shi. Mutum yana zaune ne yana tura allon wayarsa sama da babban yatsa, bidiyo na bin bidiyo, kuma kowanne yana da ɗan ƙanƙanin lokaci kafin yatsan ya sake motsawa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yana da ma'auni na musamman a shafin tallarsa mai suna 3-second video plays, wato yawan lokutan da aka bar bidiyo ya yi sakan uku yana tafiya. Saboda haka masu harkar talla suke ware waɗannan sakan uku su yi musu rubutu na daban, wanda suke kira ƙugiya, domin aikinsa shi ne ya kamo mai wucewa.

Sakan uku ba su da yawa. Mai magana da Hausa cikin natsuwa zai iya furta gajerun kalmomi bakwai ko takwas a cikinsu, ba fiye da haka ba sai dai ya yi gaggawar da za ta hana a fahimce shi. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna inda yawancin bidiyon shagunan kayan waya suke faɗuwa. Mai shago ya tsaya gaban kantarsa, ya yi cikakkiyar sallama, ya yi wa masu kallo barka da warhaka, ya faɗi sunan shago da lambarsa da layin da yake a kasuwa. Kafin ya ɗauko kayan da yake son nunawa, sakan goma sun wuce, kuma yawancin mutanen da aka kai wa bidiyon sun riga sun tafi. Sallama da gaisuwa ladabi ne da bai kamata a zubar ba, amma suna iya zuwa a sakan na huɗu, bayan mai kallo ya tsaya. Sunan shago kuwa wurinsa ƙarshen bidiyo ne, lokacin da mutum ya ga abin da yake so kuma ya fara tambayar kansa inda zai same shi.

Abin da ke tsayar da mutum shi ne ya ga matsalarsa a allo. Ba wanda ya wayi gari yana sha'awar caja ko igiyar caji don kansu. Abin da yake damunsa shi ne wayar da ta kwana a caji ta tashi ba ta cika ba, ko igiyar da sai an lanƙwasa wuyanta kafin ta kawo wuta, ko gilashin da ya tsage ranar da waya ta suɓuce daga aljihu a kan babur. A babbar kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano, shaguna da dama suna sayar da kaya iri ɗaya, don haka hoton jerin kwalaye a kan kanta ba ya bambanta wani da wani. Mai shago yana da wata taska da bai cika lura da ita ba: maganganun da masu saye suke yi a gabansa kullum. Wanda ya shigo ya ce "Cajata tana zafi," ko "Wannan fawa bankin ba ya riƙe wuta," ya riga ya rubuta masa ƙugiya, kuma da kalmomin da sauran masu irin matsalar za su gane nan take. Yana da kyau a ajiye ɗan littafi a shago ana rubuta irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe yadda aka faɗe su, ba tare da an gyara su sun koma harshen talla ba.

Ƙugiya tana da sassa uku da suke tafiya a lokaci guda: abin da ido ya gani, abin da aka rubuta a allo, da abin da kunne ya ji. Hoto ne kan gaba, domin ido yana riga kunne. Dole ne wani abu ya kasance yana motsi tun daga farkon farawa, kuma kayan su cika allo, ba a hango su can nesa a hannun mai shago ba. Rubutu yana biye, saboda mutane da yawa suna kallo ba tare da sauti ba, a cikin mota ko a wurin aiki ko cikin jama'a. Kalma huɗu zuwa shida da manyan baƙaƙe sun isa. A ajiye su wajen tsakiyar allo zuwa sama kaɗan, domin a TikTok da Reels gefen dama maɓallan manhaja ne suka mamaye shi, ƙasa kuma sunan mai shafi da bayanin bidiyo suna rufe duk abin da aka sa a wurin. Murya ita ce ta uku, kuma bai kamata ta karanta abin da ke rubuce kalma da kalma ba. Ta ƙara wani abu a kai. Bidiyon kansa a ɗauke shi da waya a tsaye, yadda zai cika allon mai kallo.

Misalin fawa banki zai nuna yadda ake haɗa su. A ɗauka mai shago yana da fawa banki da aka rubuta 20,000mAh a jikinsa, kuma ya saba jin masu saye suna dawowa da ƙorafi ɗaya: batirin wayarsu 5,000mAh ne, sun lissafa zai cika ta sau huɗu, amma bai kai ba. Ƙorafin yana da dalili na gaskiya. Wutar da ke cikin fawa banki tana kan ƙarfin bolt 3.7, sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye kafin ta bi igiya, sannan waya ta sake sauke ta don ta shiga batirinta. A kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi. Don haka ko ingantaccen fawa banki mai 20,000mAh yakan cika irin wannan waya ne sau biyu da rabi zuwa uku. Mai shagon da ya san haka yana da abin faɗa wanda maƙwabcinsa bai faɗa ba.

Rubutun farko da yakan zo wa mutum shi ne: "Jama'a ga sabon fawa banki ya iso, mai inganci, mai rahusa." Ba ƙarya a ciki, amma babu abin da zai hana yatsa motsi, domin kowane shago haka yake cewa. Rubutu na biyu zai fara da matsalar: "Fawa bankinka ba ya cika waya sau huɗu?" Wannan ya fi, amma har yanzu magana ce kawai. A rubutu na uku sai a raba aikin. Ido zai ga waya a kusa, batirinta ya yi ja yana nuna kashi 2, hannu yana soka mata igiyar fawa banki a daidai lokacin da bidiyon ya buɗe. A allo an rubuta: "20,000mAh: sau nawa zai cika?" Murya kuma ta ce: "Ba sau huɗu ba ne, ga dalili." Kalma bakwai ke nan, sun shiga cikin sakan uku ba tare da haki ba. Mai kallo ya ga halin da ya sani, an yi masa tambaya, an rushe amsar da yake zato, kuma an yi masa alkawarin bayani. Daga nan mai shago zai iya yin sallama a taƙaice ya shiga bayanin.

Akwai iyaka da ba a ƙetarewa. Duk abin da sakan ukun farko suka yi alkawari, sauran bidiyon ya cika shi, kuma da wuri. Idan an ce "ga dalili," dalilin ya fara fitowa kafin sakan na goma. Haka kuma gwajin da aka nuna ya zama na gaskiya. Wasu sukan buga guduma a kan gilashin kariya don su ja hankali, alhali gilashin kariya yana rage karce da tsagewa ne, ba ya hana allo fashewa idan waya ta faɗi ta gefe ko ta kusurwa. Irin wannan bidiyo yana tara masu kallo, sannan ya tara masu dawowa shago da fasassun wayoyi suna neman a biya su. Goga mukulli a kan gilashin a nuna bai karce ba ya fi aminci, domin abu ne da mai saye zai gwada a gida ya tarar haka yake. Kayan waya sana'a ce ta mai dawowa: wanda ya sayi caja yau shi ne zai nemi iyafis ko rigar waya wata mai zuwa, kuma ƙugiyar yaudara tana yanke wannan dawowar.

Sanin ko ƙugiya ta yi aiki ba ya buƙatar hasashe. TikTok da Instagram suna nuna wa mai shafi zanen yadda masu kallo suke raguwa daga sakan zuwa sakan. Idan layin ya faɗi warwas a sakan biyu ko uku na farko, laifin na ƙugiya ne. Idan ya tsaya da kyau a farko sannan ya zube a tsakiya, ƙugiya ta yi aikinta, bayanin ne ya yi tsawo ko bai cika alkawari ba. Wanda ya biya kuɗin talla a Meta yana iya raba adadin 3-second video plays da adadin Impressions, wato yawan lokutan da tallar ta bayyana a allon mutane. A misali, idan ta bayyana sau 2,000 kuma an bar ta ta kai sakan uku sau 500, kashi 25 cikin ɗari ke nan suka tsaya. Lambar ita kaɗai ba ta cewa komai sai an kwatanta ta da ta wani bidiyon na shagon.

Hanyar kwatantawa mai sauƙi ita ce a ɗauki jikin bidiyo sau ɗaya, a yi masa kai uku daban-daban: ɗaya ya fara da tambaya, ɗaya da gwaji a gaban ido, ɗaya da farashi. Komai na baya ya zauna yadda yake, domin idan aka canza kai da jiki tare ba za a san wanne ya kawo bambanci ba. A saka su a ranaku daban-daban amma a lokaci iri ɗaya, a ba kowanne kwana biyu ko uku kafin a duba. Bidiyo ɗaya da ya yi fice yana iya zama dace, don haka sai an maimaita gwajin da kaya biyu ko uku kafin a ce wani salo ya fi karɓuwa. A kuma haɗa da lissafin da manhaja ba ta yi: mutum nawa ne suka turo saƙo suna tambayar farashi, kuma nawa ne suka shigo shago suna cewa sun ga bidiyon. Ƙugiyar da ta tsayar da mutum 300 masu neman fawa banki ta fi wadda ta tsayar da 3,000 da suka zo kallon guduma amfani ga shago.