Yadda ake hana maɓallin gem faɗawa bayan allon waya

A shekarar 2006 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da wasan Dead Rising a na'urar Xbox 360, kuma ba a jima ba koke ya fara tashi daga gidajen da ke da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi. Rubutun da ke faɗa wa ɗan wasa inda zai nufa ya yi ƙanƙanta har ba ya karantuwa. Dalili kuwa, an tsara shi ne a kan talabijin na zamani masu tar da hoto, alhali a lokacin mutane da yawa ba su kai ga sayen irinsu ba. Wasan na tafiya daidai, abin da aka shimfiɗa a samansa ne ya gaza.

Wannan shimfiɗa ita ce masu sana'ar ke kira HUD: sandar da ke nuna sauran rai, wadda 'yan gem kan ce wa jini, da ƙidayar harsashi, da ƙaramar taswira, da maɓallan harbi da tsalle. Duniyar wasan tana juyawa a bayanta, ita kuma tana nan manne a gilashi. Duk wanda ya taɓa buga Free Fire ko PUBG Mobile ya san cewa idan maɓallin harbi ya goce da faɗin ɗan yatsa guda, wasa ya lalace.

Wahalar ta samo asali ne daga yadda na'ura ke ƙirga allo. Kowane allo tarin ɗige-ɗigen haske ne da ake kira fiksel, kuma ba kowane allo ne ke da adadi ɗaya ba. A ɗauki mai tsara wasa da ke aiki a kwamfuta mai fiksel 1920 a faɗi da 1080 a tsayi. Ya zana sandar rai mai tsawon fiksel 400 da kaurin 40 a sama ta hagu. Ya zana maɓallin harbi mai fiksel 160 a kowane gefe, ya ce a fara shi daga fiksel na 1720 idan an ƙirgo daga hagu, domin ya zauna a ƙasa ta dama. A kwamfutarsa komai tsaf.

Sai wasan ya sauka a ɗaya daga cikin wayoyin Tecno ko Infinix masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwar Farm Centre ta Kano, waɗanda da yawansu ke da fiksel 1600 da 720 idan an kwantar da su. Faɗin allon duka ya ƙare a 1600, maɓallin kuma an ce ya fara daga 1720. Ba ya nan ke nan. Na'urar ta zana shi a wurin da babu gilashi.

Maganin farko shi ne a daina ƙirgo komai daga kusurwa ɗaya. A manhajar Unity, wadda ake gina ɗimbin wasannin waya da ita, kowane abu na HUD yana da abin da aka rubuta wa Anchors. Aikinsa irin na turke ne: inda aka kafa shi, nan dabba za ta tsaya, komai girman garken. Ana auna turken da kaso, daga 0 zuwa 1, ba da fiksel ba. Kusurwar ƙasa ta hagu ita ce (0, 0), ta sama ta dama kuma (1, 1). Mai tsarawa zai kafa turken maɓallin harbi a (1, 0), wato ƙasa ta dama, ya ce a matso da shi ciki da awo 40. Sandar rai kuma a ɗaure ta a (0, 1). Daga nan ko allon ya faɗaɗa ko ya tsuke, kowanne zai bi kusurwarsa.

Turke ya warware batun wuri, amma bai taɓa batun girma ba. Sandar fiksel 400 ta cinye kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin wayar mai 1600, a talabijin mai 3840 kuwa da ƙyar ta wuce kashi ɗaya cikin goma. A nan ne Canvas Scaler ke shigowa. Idan aka zaɓi Scale With Screen Size, sai a rubuta 1920 da 1080 a gurbin Reference Resolution, ma'ana wannan ne allon da aka yi zane a kai. Daga nan lambobin mai zane sun zama awo, na'ura ce za ta riƙa mayar da su fiksel gwargwadon allon da ta tarar.

Da a ce duk allunan siffarsu ɗaya ce, da magana ta ƙare. Amma allon da aka yi zanen a kai 16:9 ne, wayar nan 20:9 ce mai tsawo, iPad mai fiksel 2048 da 1536 kuma 4:3 ne, ya kusa zama murabba'i. Dole na'ura ta zaɓi abin da za ta bi, faɗi ko tsayi, kuma amsoshin biyu sun sha bamban.

A wayar, idan aka bi faɗi, an raba 1600 da 1920, an sami kusan 0.83. Komai zai ragu zuwa haka, amma tsayin da ya rage wa mai zane awo 864 ne kawai maimakon 1080. Ya yi asarar 216, kuma abin da ɗan wasa zai gani shi ne taswirar da ke sama ta hau kan maɓallin tsalle da ke ƙasanta. Idan aka bi tsayi, an raba 720 da 1080, an sami kusan 0.67. Sandar rai ta koma fiksel 267 da 27, maɓallin harbi 107, faɗin kuma ya buɗe zuwa awo 2400. An sami rarar 480 a tsakiya, inda dama ake son fili don ganin abokin gaba.

Shi ya sa masu wasannin da ake bugawa a kwance suka fi karkata ga tsayi, wato su kai Match zuwa 1. Sai dai iPad na jiran su a gaba. A can bin tsayi na ba da 1.42, faɗin kuma ya tsuke zuwa awo 1440. Wannan 480 ɗin da aka ci riba a waya, ita ce daidai aka yi asara a nan, sai a ga sandar rai ta shige ƙarƙashin agogon da ke tsakiya. Mafita mafi aminci ita ce zaɓin Expand, wanda ke ɗaukar ƙaramar lamba cikin biyun: 0.67 a waya, 1.07 a iPad. Da shi filin zane ba ya taɓa gazawa 1920 da 1080, sai dai ya ƙaru ta wani ɓangare. Mutane da yawa kan bar Match a 0.5 don a raba gardama, amma hakan ragin asarar kawai yake yi, bai kawar da ita ba.

Akwai lissafin da fiksel ba ya iya yi shi kaɗai, wato na babban yatsa. Google na ba da shawarar kada abin taɓawa ya gaza 48dp, kimanin milimita 9 ke nan a gilashi, Apple kuma ya ce 44pt. Waya mai inci 6.5 da fiksel 1600 da 720 tana da kusan fiksel 270 a kowane inci. Maɓallin harbi mai 107 ya kai milimita 10, ya tsallake. Amma ɗan maɓallin dakatar da wasa da aka zana da awo 80 zai koma fiksel 53, milimita 5 kacal. A kwamfuta da linzami ba wanda zai lura. A waya kuwa sai mutum ya danna sau uku kafin ya kama, yana zargin gilashin wayarsa ne ya fara mutuwa. Kafin ya kai milimita 9 a wannan waya, sai an zana shi da awo 144 ko kusa da haka. Ƙwararru ba lallai su ƙara girman hoton ba: sukan bar shi ƙarami, su faɗaɗa yankin da ke jin taɓi a kewayensa, wanda ido ba ya gani.

Ita ma sandar rai tana da nata sirrin. Idan aka ja hoton firam ɗinta don ya yi tsawo, kusurwoyinsa masu lanƙwasa za su baje su yi muni. Don haka ake yanka hoton gida tara, a saka Image Type a Sliced: kusurwoyi huɗu ba sa motsi, gefuna da ciki ne kawai ke miƙewa. Jan launin da ke ciki kuma ba a rage shi da fiksel. Ana saka shi a Filled, a ba fillAmount kaso tsakanin 0 da 1. Mai rai 75 cikin 100 yana da 0.75, a waya ko a talabijin. Kuskuren da sababbi ke yawan yi a yaren C# shi ne raba cikakkun lambobi biyu, inda 75 / 100 ke ba da 0. Alamarsa a bayyane take: harsashi ɗaya ya taɓa ɗan wasa, sandar ta zube ƙasa gaba ɗaya, shi kuma yana nan yana gudu da ransa.

Tun daga 2017, lokacin da iPhone X ya zo da ƙaton gurbin kyamara a saman allo, kusurwa ma ta daina zama abin dogaro. Android ta bi sahu da tallafin irin wannan gurbi a Android 9 a 2018, kuma yau kusan kowace waya na da ɗigo ko rami na kyamara da gefuna masu lanƙwasa. Idan aka kwantar da waya, ramin na komawa gefen hagu ko dama, kusa da inda aka ɗaure abubuwa. Unity na faɗin yankin da babu cikas ta Screen.safeArea. Sai a yi babban faifai guda marar launi, a zuba duk HUD a cikinsa, a kafa turakunsa a iyakar wannan yanki:

```
Rect s = Screen.safeArea;
panel.anchorMin = new Vector2(s.xMin / Screen.width, s.yMin / Screen.height);
panel.anchorMax = new Vector2(s.xMax / Screen.width, s.yMax / Screen.height);
```

Dole a sake wannan lissafi duk sanda aka juya waya, domin ramin ya sauya gefe. Wanda ya yi shi sau ɗaya a farkon wasa zai gane kurensa da zarar ɗan wasa ya juya wayar don kada wayar caja ta tokare masa tafin hannu.

Gwaji ba ya buƙatar shago guda na wayoyi. Device Simulator na Unity na nuna HUD a siffar na'urori daban-daban har da ramukansu, kuma idan tsari ya tsira a mafi tsawo, 20:9 ko 21:9, ya kuma tsira a 4:3, na tsakiya ba sa ba da wahala. Abin da kwamfuta ba za ta nuna ba shi ne inda yatsa ke kaiwa da abin da yake rufewa, don haka sai an riƙe waya ta gaske, gara ma mafi araha da ake sa ran wasan zai hau. Hannun mutane ma ba ɗaya ba ne, wasu da yatsu biyu suke bugawa, wasu da huɗu. Shi ya sa Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile duk suka bar wa ɗan wasa damar jan kowane maɓalli zuwa inda yake so, ya ƙara masa girma ko ya rage duhunsa. Wasan da ke ba da wannan dama gara ya adana sabon wurin a matsayin kaso na allo, domin wanda ya sauya waya ya tarar da maɓallansa inda yatsunsa suka saba.