Acaɓa Ko Bas: Lissafin Mai Gajeriyar Tafiya

A ce ka sauka a Kwangila da hantsi, kana son shiga Kasuwar Sabon Garin Zariya. Tafiyar ba ta da nisa. Ga yaron mota yana bubbuga jikin bas yana kiran saura mutum biyu, ga ɗan acaɓa ya tsaya a gabanka yana cewa, “Alhaji, ina zuwa?”

Kafin ka tambayi kuɗi, leƙa cikin bas ɗin tukuna. A gajeriyar tafiya, jiran lodi ne ke cin lokaci fiye da gudun mota. Bas ɗin da ta taho da fasinjojinta, ta ɗan tsaya ɗaukar mutum ɗaya, ita ce abin shiga. Wadda aka kashe injinta a tasha kuwa, direba ma ba ya ciki, ba za ta motsa ba sai ta cika maƙil, kuma “saura mutum biyu” na iya zama shida. Wani lokaci waɗanda ka gani zaune 'yan cika-ido ne, suna sauka ɗaya bayan ɗaya idan fasinjan gaskiya ya shigo. Alamarsu ita ce ba su da kaya, kuma jiran bai dame su ba.

Sai kuma inda za ka. Bas layinta take bi, a bakin titi za ta ajiye ka. In shagon da kake nema yana can cikin lungu, ƙarshenta sai ka sake hawa babur, ka biya sau biyu, arahar ta tashi a banza. A nan acaɓa ya fi, muddin kun yanke kuɗi kafin ka ɗora ƙafa.

Amma saurin nan da fatar jiki ake biyansa. Abin da ke sa babur ya riga bas shi ne kutsawa tsakanin motoci, kuma gwiwar fasinja ce a waje. Salansa tana gefen dama da zafinta, shi ya sa ake hawa da sauka ta hagu. Mai dogon hijabi ko babbar riga ya tattare su a cinya, don bakin zane in ya shiga wayar taya ko sarƙa, fizgo mutum yake yi ƙasa. Ni dai in na ga babur babu madubi, ko direban yaro ne mai wasa da totur, sai in ce Allah ya kawo wani. Mai goyo, da tsoho, da mai buhu a hannu, da duk wanda hadari ya taso masa, su haƙura da jiran bas.

Baƙo kuma ya fara tambayar dokar gari, don tana sauyawa daga wuri zuwa wuri. A birnin Kano tun 2013 aka hana acaɓa, can sai A Daidaita Sahu.